Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaba Da Daraktocin Kamfanin Casar Shinkafar Da Nake Wa Aiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Alhaji, tare da sauran iyayena daraktoci, ina gaisuwa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ba zan ambaci sunan kamfani ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, domin ba tonon silili ya kawo ni ba. Ku kun san ni, kun san kuma maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Sau biyu ina rubuto muku takarda ta cikin gida, sau biyun kuma tana komawa teburin mutanen da nake kuka da tsarinsu, a ce su duba su ba da shawara. Shi ya sa wannan karon na buɗe ta kowa ya gani. Na kuma tabbata akwai irina da yawa a masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai, waɗanda in ka tambaye su mene ne aikinsu sai su yi dariya su ce duk abin da aka ce.

Shekarata biyu da wata huɗu a wurinku. Takardar da aka ba ni ranar da na kama aiki layi shida ce. Ta ce an ɗauke ni mataimakin jami'in gudanarwa, ta faɗi albashi, ta faɗi ranar farawa, sannan ta rufe da cewa zan yi duk wani aiki da shugabanni suka ɗora mini. Ba ta ce su wane ne shugabannin ba. A lokacin ban damu ba, mai neman aiki da ya shekara uku yana yawo da takardu a jakar leda ba ya tsayawa ƙirga layi. Yau ga shi an miƙo mini takardar tuhuma a kan buhu 41 na shanshera da aka ce sun yi ɓatan dabo, an kuma ce za a riƙa yanke rabin albashina har sai an ga abin da ya rage. Takardar ta ce na yi sakaci da aikina. To ranka ya daɗe, abin da nake roƙo a nuna mini ke nan: wanne ne aikin nawa da na yi sakaci da shi?

Bari in ba ku labarin yini ɗaya, don ku ga yadda rana take wuce mini. Da ƙarfe bakwai da rabi ina bakin ƙofa ina rubuta sunayen leburorin da suka shigo, domin Manajan Ma'aikata ya ce ni zan riƙa yi tun ranar da mai yi ya tafi jinya, bai kuma dawo ba. Kafin in gama, Injiniya ya aiko a ce in zo in tsoma sanda a tankin dizal in rubuta abin da ya rage, wai shi hannunsa da baƙin mai. Ƙarfe tara Akanta ya miƙo mini takardun banki ya ce in tafi yanzu kafin layi ya yi tsawo. Ina kan babur waya ta yi ƙara, Manajan Sayayya ne, mota ta iso da kaya, in koma in tsaya a kan sikeli. In na ce Akanta ya aike ni, sai ya ce shi Akantan ne ya ɗauke ni aiki? In na juya na dawo, da la'asar Akanta ya tare ni da irin wannan tambayar. Mai sito kuma ba ya kira, sai dai in tarar da littafin sito a kan teburina, ma'ana in cike masa. Mutum biyar ke nan, kowannensu ya girme ni a muƙami, kowannensu yana da gaskiya cewa aikinsa na gaggawa ne, ba kuma wanda ya san abin da sauran huɗun suka ɗora mini a wannan safiyar. Taura biyu ma ba ta taunuwa, ni biyar ake tura mini a baki.

Abin da ya fi gajiyar ciwo shi ne ni ake bari in yanke hukuncin wanda za a fara yi wa. Ni ne mafi ƙanƙanta a cikinsu, amma kullum ni ke zaɓar tsakanin banki da sikeli, tsakanin dizal da sito. Ba ni da masaniyar wane ciniki ne ya fi muhimmanci ga kamfani a wannan makon, don ba na shiga taron manajoji. Saboda haka ma'aunina ɗaya ne, wa ya fi iya faɗa. Wanda ya fi ɗaga murya shi nake fara sallama. Ina roƙonku ku tsaya a kan wannan, domin dukiyarku ce ake jera wa sahu bisa ƙarfin muryar mutum.

Yanzu ga maganar buhunan.

A watan Satumba yaron da ke duba ingancin kaya ya ajiye aiki. Shi ne mai soka buhu ya ɗebi samfuri, ya zuba a na'urar gwada danshi, ya ce a karɓa ko a rage nauyi ko a mayar. Da zai tafi ya bar na'urar a aljihun teburina, saboda teburina ne kusa da ƙofa. Ba a ɗauki wani ba. Ba wanda ya kira ni ya ce daga yau gwajin danshi ya dawo hannunka, ba wanda ya koya mini lissafin ragi, ba kuma wanda ya ba ni ikon cewa direba ya juya da kayansa. Na'ura dai tana wurina, shi ke nan.

Cikin Nuwamba, da sabuwar shinkafa ta fara shigowa, wata mota ta iso daga wajen Haɗeja. Na tsaya a sikelin mota. Da kaya ta yi kilo 46,200, bayan an sauke ta koma ta yi 16,400, kaya ke nan kilo 29,800. Takardar da direba ya zo da ita ta ce buhu 300, don haka bambancin bai kai a yi magana ba. Amma da na tura hannu cikin wani buhu sai na ji shinkafar da sanyi, ƙwayar kuma in ka ciza ba ta yin ƙaras ɗin nan na busasshiya. Don kaina na ɗauko na'urar na gwada buhu biyar daga wurare daban-daban. Ta nuna 18 cikin ɗari. Kowa a harkar nan ya san shanshera ba ta ajiyuwa sai danshinta ya sauko kusan 14, in ba haka ba ta yi zafi a cikin buhu, ta yi fumfuna, ƙwayar ta canza launi. Na kira Manajan Sayayya na faɗa masa. Ya ce dilan nan namu ne, kaya na wahalar samu, in karɓa kawai za su daidaita daga baya. Na tambayi mai sito, ya ce shi buhu yake ƙirgawa, ruwa ba ruwansa. Na leƙa wa Akanta, ya ce shi takarda mai sa hannu yake biya a kanta. Sai na sa hannu. Wasu motoci biyu daga hannun dilan nan suka biyo baya cikin makon, duka biyun ina banki aka sauke su, na dawo aka miƙo mini takardu aka ce sa hannu, direbobi na sauri. Na sa.

Ga lissafin da ya kamata a yi a ranar, wanda ni ma sai bayan tuhumar na je wurin wani dattijo da ya daɗe a harkar ya zaunar da ni ya nuna mini. In danshi 18 ne, to a kowane kilo 100 shinkafar gaskiya 82 ce, sauran ruwa. In aka shanya ta sauko 14, wannan 82 ɗin ita ce za ta zama kashi 86 na sabon nauyi. Saboda haka sai a ninka nauyin da 82 a raba da 86. Kilo 29,800 sau 82, a raba da 86, ya ba da kilo 28,414. Abin da rana ta shanye kilo 1,386 ne, kusan buhu 14 masu kilo ɗari-ɗari a mota ɗaya. Mutane kan yi kuskure su ce ai 18 a cire 14 saura 4, a rage 4 cikin ɗari. Ragin ya ɗan fi haka, 4 ne cikin 86, wato kusan 4.7 cikin ɗari. To mota uku masu kusan nauyi ɗaya daga gona ɗaya, a ninka 1,386 sau uku, an samu kilo 4,158. Abin da aka ce ya ɓata buhu 41 ne. Ranka ya daɗe, ɓarawon nan rana ce, a filin shanya ta yi satar, kowa yana kallo.

Ba sai kun yarda da bakina ba. Littafin bakin ƙofa yana nan, a duba ko akwai motar da ta fita da shanshera a makonnin nan. Leburorin da suka baza kayan a kan tamfol kwana biyu suka sake ɗurawa a buhu suna nan, a tambaye su buhu nawa suka zazzage, nawa suka ɗinke. Inda sata ce da ba za ta faɗo daidai kan lissafin danshi haka ba. Asarar ta gaske ce, ban musa ba, kamfani ya biya kuɗin shinkafa ya sayi ruwa tan huɗu. Amma ba daga sito ta faru ba. Ta faru ne a lokacin da aka biya dila cikakken nauyi ba tare da ragi ba, kuma a wannan gaɓar mutum huɗu ne suka taɓa maganar: wanda ya ce a karɓa, wanda ya shigar sito, wanda ya biya, da wanda ya sa hannu. Uku sun yi nasu da baki ko bisa takardar wani. Ni kaɗai ne tawada ta kama.

Ba zan wanke kaina tas ba, don in na yi haka na yi ƙarya. Na sa hannu a kan kayan da ban ga saukarsu ba, har sau biyu, wannan laifina ne. Da na rubuta 18 ɗin nan a jikin takardar farko, na ƙara da cewa an karɓa bisa umarnin wane, da yau ba wannan maganar ake ba. Ban rubuta ba saboda ina jin kunyar a ce yaro yana kafa wa manya hujja. Akwai kuma wani abu da ban so faɗa ba amma gaskiya ne: na ji daɗin zama wanda kowa ke nema. In aka ce ina wane, ba abin da ke tafiya in ba ya nan, sai kaina ya kumbura. Na ɗauka hanyar ƙarin girma ke nan. Ashe jakar tsaba nake ratayawa, kaji kuma suka biyo ni. Da lokacin duba ƙwazo ya zo bara, Manajan Ma'aikata ya riƙe fom ɗina ya tambaye ni wa zai cike. Aka kai wa Akanta ya ce ai ba yaronsa ba ne, aka kai wa Manajan Sayayya ya ce taimaka masa kawai nake yi. Fom ɗin bai cika ba, ƙarin albashi ya wuce ni. Ranar aiki ina da iyayen gida biyar, ranar sakamako ba ni da ko ɗaya, ranar tuhuma kuma duk biyar ɗin suka zama shaidu.

Tun da takardar tuhumar ta ambaci yankan albashi, dole in taɓo doka, ba don barazana ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayani kafin wata uku su cika da fara aikinsa. Cikin abin da bayanin zai ƙunsa akwai irin aikin da aka ɗauke shi, da albashi da yadda ake lissafa shi, da sa'o'in aiki, da hutu, da wa'adin da kowane ɓangare zai bayar in za a rabu. Ta kuma ce in wani abu ya canza cikin waɗannan, a sanar da ma'aikaci cikin wata ɗaya. Ni aikina ya canza aƙalla sau huɗu, duk lokacin da wani ya tafi sai kayansa su gangaro teburina, ban taɓa ganin ko layi ɗaya a rubuce ba. Sashe na 5 kuma ya hana yanke wa ma'aikaci albashi da sunan tara. Abin da ya yarda da shi shi ne a yi yanka mai ma'ana saboda asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci, shi ma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tun kafin a yanka, kuma jimillar abin da za a cire a wata ba za ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin ba. Rabi ya wuce ɗaya bisa uku, ban kuma ga takardar wani jami'i ba.

Na san abin da lauyan kamfani zai iya cewa, gara in riga shi. Dokar nan a sashe na 91 ta ce wanda take nufi da ma'aikaci shi ne mai aikin ƙarfi ko aikin akawu, ta fitar da masu riƙe da aikin gudanarwa da na zartarwa da ƙwararru. Ni kuma a takardata an rubuta gudanarwa. Kun ga inda rashin fayyace aiki ya kai ni, har inuwar doka ma sai an yi gardamar ko ta rufe ni. Amma wanda yake rubuta sunayen leburori, ya cike littafin sito, ya tsoma sanda a tanki, ya bi layin banki, me yake gudanarwa? Ko babur ɗin da nake hawa ba ni ke cewa a zuba masa mai ba. In gardamar ta yi tsawo, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da zama a nan Kano, irin wannan shari'ar kuma hurumin ta ne. Ba na fatan mu kai can. Na ci gishirin gidan nan, kuma Alhaji, ranar da mahaifiyata ta kwanta asibiti kai ka sa aka ba ni rance ba tare da na roƙa sau biyu ba. Ban manta ba.

Ko a ajiye dokar gwamnati, ku da kuka zauna gaban malamai kun fi ni sanin cewa a babin ijara sharaɗi ne aikin ya zama sananne, ladan ma ya zama sananne, don kada jahilci ya haifar da jayayya. Malamai kuma sun ce wanda aka ɗauka aiki amintacce ne a kan abin da ke hannunsa, ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. To ta yaya za a ce mutum ya ƙetare iyakar da ba a shata ba? Kullum in na karanta misalin nan na cikin Suratuz Zumar, aya ta 29, na bawan da abokan tarayya masu jayayya suka mallaka da wanda yake na mutum ɗaya, na san a kan tauhidi aka buga shi, ba a kan ofis ba. Amma ba a buga misali sai da abin da kowa ya san zafinsa, ni kuma na san wannan zafin tun daga bakwai da rabi na safe. Su ma masana harkar gudanarwa sun daɗe da gano haka. Tun a 1916 wani injiniyan ma'adinai Bafaranshe, Henri Fayol, ya sa shi cikin ƙa'idojinsa goma sha huɗu cewa ma'aikaci ya karɓi umarni daga shugaba ɗaya. Mu kuwa tun kafin shi kakanninmu suka ce ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Kada a fahimce ni da cewa ina ƙin aiki ne, ko ina so a ba ni abu ɗaya in rungume in ce saura ba ruwana. Kamfani irin namu ba zai iya ɗaukar mutum guda don tsoma sanda a tanki kawai ba, na san wannan. Lokacin kaka kuma kowa sai ya yi abin da ba nasa ba, har Injiniya na gani yana kama bakin buhu. Zan iya yi wa mutum biyar aiki. Abin da ba zan iya ba shi ne in amsa wa mutum biyar a lokaci ɗaya. A zaɓi ɗaya a cikinsu, ko wane ne, a ce shi ne maigidana. Duk mai buƙatata ya bi ta wurinsa, in buƙatu biyu suka yi karo su manyan su daidaita a tsakaninsu, a faɗa mini wanda zan fara. Shi zai ba ni hutu, shi zai cike fom ɗina, shi zai tuhume ni in na yi laifi, shi kuma zai tsaya mini in an ɗora mini wanda ban yi ba. Wannan ba ya cin ko sisi.

Sai takarda, shafi ɗaya ya isa. A rubuta ayyukan da suke nawa na kullum, guda biyar ne ko shida. A rubuta waɗanda nake riƙe wa wani na ɗan lokaci, da ranar da riƙon zai ƙare, domin riƙon ƙwarya da ba a sa masa rana ba shi ke zama gado. Abin da ya fi muhimmanci, a rubuta takardun da nake da ikon sa wa hannu da waɗanda ba ni da shi, da abin da nake da ikon hanawa. In gwajin danshi nawa ne, to a ce nawa ne, a koya mini, a rubuta cewa daga kaza zuwa kaza a karɓa da ragi, sama da kaza a mayar, kuma in na ce a mayar ba mai kira ta waya ya warware sai da sa hannunsa. In kuwa ba za a ba ni ikon ba, a ɗauke na'urar daga teburina. Alhaki ba tare da iko ba shiga sharo ne ba shanu, bulala kawai mutum zai sha. Layin nan na duk wani aiki da aka ɗora maka ban ce a goge shi ba, kowace takarda tana da irinsa. Amma wutsiya ce, ba ta zama gangar jiki ba. A mayar da shi duk wani aiki makamancin waɗannan da maigidanka ya ba ka.

Akwai abin da ya fi shafarku fiye da ni, iyayena daraktoci. A yadda ake tafiya yanzu, mutum ɗaya ne yake auna kaya, ya sa hannu an karɓa, ya cike littafin sito, sannan ya kai takardar biya banki. Duk mai binciken kuɗi zai gaya muku waɗannan ba a haɗa su a hannu ɗaya, domin wanda ya karɓa shi ne ya kamata wani ya duba, ba shi zai duba kansa ba. Allah Ya sa ni ba mai dogon hannu ba ne. Da ni ne, da dila ɗaya da direba ɗaya sun ishe ni in rubuta motar da ba ta taɓa shigowa ba, ta bi ta littattafai huɗu ba wanda ya tare ta, don duk huɗun rubutuna ne. Ba wanda ya zauna ya tsara a ba ni wannan damar. Ta taru ne kaɗan-kaɗan, wannan ya tafi, wancan ya gaji, wani ya ce ɗan taya ni. Kuna neman buhu 41 da rana ta sha, ga ƙofa nan a buɗe da tirela za ta iya wucewa.

In kuna son ku gwada ko abin da nake faɗa haka yake, ba sai an kafa kwamiti ba. Ku kira manajojin nan biyar ɗaya bayan ɗaya, ku ba kowa takarda ya rubuta ayyukana da sunan wanda nake ƙarƙashinsa. Ku ba ni ni ma in rubuta. Ku jera takardun shida a tebur. In biyu suka zo iri ɗaya, na yarda a yanke abin da doka ta yarda a yanke. Sannan ku yi haka ga yarinyar da ke kan kwamfuta a ofishin gaba, wadda aka ɗauka sakatariya amma yanzu ita ke sayar da dusa da karyayyar shinkafa, kuɗin kuma suna kwana a jakarta. Ita ba ta san na ambace ta ba, kuma ba ta yi kuka ba, amma ranar da lissafin dusa ya ƙi cika na san wanda za a miƙa wa takarda.

Kafin ku yanke, ga abin da na fara tun ranar Litinin, don kada a ce na yi a ɓoye. Na sayi littafi mai bango da kuɗina. Duk wanda ya ba ni aiki ina rubuta lokaci da sunansa da abin da ya ce, in na baki ne ko na waya sai in tura masa saƙo in ce yallaɓai, ka ce in yi kaza, na fahimta daidai? In aiki biyu suka haɗu, ina kiran su biyun in ce ga shi, wanne zan fara. Ba na kuma sa hannu a kan kayan da idona bai gani ba. A kwana huɗun nan an ce na fara girman kai, an ce wani ne yake zuga ni, wani ma ya daina amsa gaisuwata. Shekaranjiya wata mota ta yi awa biyu a bakin sikeli ina banki, direba yana ta zage-zage, ba wanda ya yarda ya sa hannu a madadina, duk da manajoji uku suna cikin harabar.

Amsar takardar tuhumar na miƙa ta ofishin Manajan Ma'aikata cikin wa'adin da aka ba ni, haɗe da lissafin danshin da kwafin takardun sikeli na motocin uku. Ina roƙon a dakatar da yankan albashin har ku duba su da kanku. Na'urar gwada danshin tana nan a aljihun teburina, batirinta ya mutu tun makon jiya. Na tambayi wanda zai sa hannu a sayo sabo, Akanta ya ce Manajan Sayayya, Manajan Sayayya ya ce Injiniya, Injiniya ya ce in tambayi maigidana.

Allah Ya ƙara girma da arziki, Ya ba ku ikon yin adalci.

Naku mai biyayya,
Ɗaya daga cikin yaranku na ofis, Kano.